Murya Biyu a Takarda Ɗaya

Malamin da ya daɗe yana gyaran takardu yakan san rubutun ɗalibinsa kamar yadda mutanen gida ke sanin takun mai shigowa tun yana zaure. Ya san inda ɗalibin ke tuntuɓe, ya san kalmomin da yake yawan komawa gare su, ya san tsawon numfashin jimlarsa. Saboda haka idan sakin layi uku suka zo da Turanci mai ɗingishi, na huɗu kuma ya zo sumul, babu ko ƙura a jikinsa, zuciyar malami takan tsaya. Tun daga ƙarshen Nuwamban 2022, lokacin da aka saki ChatGPT ga jama'a, wannan tsayawar ta sami amsa mai saurin zuwa baki: na'ura ce ta rubuta.

Wani lokaci amsar daidai ce. Matsalar ita ce sauyin murya yana nuna abu ɗaya kawai, wato rubutun bai fito daga tushe guda ba. Bai faɗi ko wane ne tushe na biyu ba. Ga ɗalibin da ya tashi a Moriki, ko Zurmi, ko Shinkafi, tushe na biyu yana iya zama abubuwa da yawa, kuma mafi yawansu sun girmi na'urar da ake zargi.

Moriki tana cikin ƙaramar hukumar Zurmi, a kan hanyar da ta tashi daga Kaura Namoda ta nufi Shinkafi. Matasanta da suka gama sakandare sukan nufi kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Kaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, ko kwalejin ilimi ta Maru, ko jami'ar tarayya ta Gusau, ko su wuce Sakkwato. Waɗanda ke cikin waɗannan makarantu a shekarun nan sun yi sakandare a lokacin da karatu ya yi ta yankewa. An rufe makarantu a 2020 saboda korona. A Satumban 2021, bayan sace ɗalibai a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun, gwamnatin Zamfara ta sake rufe makarantun jihar, aka kuma katse layukan waya a faɗin jihar na makonni masu yawa. Yaron da ya koyi Turanci a irin wannan hali yakan fito da shi faci-faci: nan da ƙarfi, domin malamin wannan zangon ya tsaya a kansu, can kuma da rami, domin zangon bai yiwu ba.

Irin wannan ɗalibi yana da murya aƙalla biyu tun kafin ya taɓa waya. Akwai Turancin hadda, wanda ya ɗauko daga littafin aji ko handawut, kuma wanda ya saba da allo tun yana ƙarami ba ya wasa da hadda. Wannan muryar takan fito cikakkiya, da nahawunta daidai. Akwai kuma Turancin da yake ginawa da kansa, yana tunani da Hausa yana juyawa. A nan ne harafin p da f ke musayar wuri, a nan ne ake amfani da kalmar Turanci ta shan ruwa a wajen magani, domin da Hausa magani shansa ake yi. Sai a ƙara hannu na uku: yaron shagon buga takardu, wanda ake ba shi rubutun hannu ya mayar da shi na kwamfuta, ya gyara abin da ya ga dama, wani lokaci har ya ƙara abin da ba a sa shi ba.

Manhajojin da ake sayarwa domin gano rubutun na'ura ba su san wannan tarihi ba. Abin da da yawansu ke aunawa shi ne sauƙin cankar kalmar da za ta biyo baya. Duk Bahaushen da ya ji an ce "da fatan kana cikin ƙoshin" ya san "lafiya" ce ke tafe. Na'urar da ke ƙirƙirar rubutu tana yawan zaɓar irin wannan kalma da kowa ke tsammani, saboda haka rubutunta yakan zama mai sauƙin canka. Manhajar bincike idan ta ga jimloli da yawa a jere masu wannan sauƙi, kuma tsawonsu kusan ɗaya, sai ta ɗaga tuta. Amma wanda Turanci ba harshen uwarsa ba ne, kuma taskar kalmominsa ba ta da faɗi, shi ma kalmar da ya tabbatar da ita yake zaɓa, domin tsoron kuskure. Ta wannan fuska ɗalibi mai taka-tsantsan da na'ura sukan yi kama.

An auna wannan. A 2023 wasu masu bincike na jami'ar Stanford sun gwada manhajoji bakwai da rubuce-rubuce 91 na jarrabawar TOEFL, waɗanda mutane ne suka rubuta su, masu koyon Turanci. A matsakaici, manhajojin sun ce kusan kashi 61 cikin ɗari na na'ura ne. Guda 89 daga cikin 91 ɗin, aƙalla manhaja ɗaya ta zarge su. Da aka ba manhajojin rubutun yaran Amurka 'yan aji takwas, kuskurensu kaɗan ne ƙwarai. Kamfanin OpenAI da kansa, wanda ya yi ChatGPT, ya fitar da tasa manhajar bincike a Janairun 2023, ya kuma bayyana cewa kashi 26 cikin ɗari kawai na rubutun na'ura take ganowa, tana kuma zargin kashi 9 cikin ɗari na rubutun mutane. A Yulin wannan shekarar ya janye ta saboda rashin inganci. Adalci ne a faɗi cewa waɗancan manhajojin 2023 ne, an gyara wasu tun daga lokacin, kuma Turnitin, wadda manyan makarantu suka fi sani, ba ta cikin bakwai ɗin. Sai dai ko ƙaramin kuskure yana girma idan takardu suka yi yawa. Jami'ar Vanderbilt ta kashe wannan sashe na Turnitin a Agustan 2023, tana mai lissafin cewa ta miƙa takardu 75,000 a 2022, kuma kuskuren kashi 1 cikin ɗari da kamfanin ya ambata yana nufin takardu kusan 750 da za a iya zargi ba da hakki ba.

Ana iya kawo lissafin cikin aji guda. A ƙaddara ɗalibai 200 ne, 30 daga cikinsu sun sa na'ura ta yi musu aikin. A ƙaddara manhajar tana kama 8 cikin kowane 10 na masu laifi, sai ta kama 24. A ƙaddara kuma tana kuskure a kan 1 cikin kowane 10 na sauran 170, sai ta zargi 17. Takardu 41 ke nan a gaban malami da jan alama, kuma 17 daga cikinsu na waɗanda ba su ji ba ba su gani ba ne. Waɗannan alƙaluma na misali ne kawai, amma darasinsu ba ya canzawa: jan alama dalili ne na sake karanta takarda, hukunci kuwa sai an nemo masa wata madogara.

Mutanen Zamfara ba baƙi ba ne ga ƙa'idojin da ake auna irin wannan al'amari da su. Duk wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu ya ji cewa hujja tana wuyan mai da'awa, ya ji cewa shakka ba ta gusar da yaƙini, ya kuma ji bambanci tsakanin shaida bayyananniya da ƙarina, wato alamar da ke nuni ba tare da ta yanke ba. Misalin da malamai suka fi kawowa a babin ƙarina shi ne rigar Annabi Yusufu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Abin lura a ƙissar shi ne alamar tana raba labari biyu. Yagewa ta gaba tana goyon bayan labari ɗaya, yagewa ta baya tana goyon bayan ɗayan. Da a ce rigar za ta yage wuri ɗaya ko wane ne mai gaskiya, da ba ta zama hujjar kowa ba.

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a yi wa kowace alama a takardar ɗalibi: da ɗalibin nan bai yi laifi ba, shin alamar za ta bayyana duk da haka? Idan za ta bayyana, nauyinta kaɗan ne. Turanci mai santsi yana fitowa daga na'ura, yana fitowa daga hadda, yana fitowa daga hannun yayan da ya duba wa ƙanensa aiki. Bai raba labaran ba. Ana bukatar alamar da ke fitowa a labari ɗaya kawai.

Ga yadda wani malamin aikin gona a ɗaya daga manyan makarantun jihar ya bi wannan hanya da takarda guda. Ya ba ajin shekarar farko aikin rahoto a kan yadda ake adana wake a garinsu, kalmomi kusan 1,200, maki 20, da sharaɗin a kawo manazarta biyu. Wata ɗaliba 'yar Moriki ta kawo sakin layi takwas. Huɗu daga ciki, na biyu da na uku da na huɗu da na shida, muryarta ce da ya sani daga gwajin aji: jimloli gajeru, p da f suna rikici, amma bayanin rumbu da toka da barkono a cike yake. Sauran huɗun kuwa sumul suke. Wani abokin aikinsa ya zuba rahoton a manhaja, ta ba da kashi 46 cikin ɗari, ya ce masa magana ta ƙare, a tura wa kwamitin ladabtarwa.

Malamin ya san abin da wannan ke nufi. Yarinyar da mahaifinta ya yarda ta bar Moriki ta bi wannan hanya mai haɗari domin karatu, idan ta koma gida da takardar kora mai cewa ta yi maguɗi, da wuya a sake ba ta dama ta biyu, kuma ƙannenta mata za su iya biyan bashin. Ya kuma san ɗaya gefen. A ajin akwai waɗanda suka kwana suna fama da Turancinsu suka sami 11, kuma idan mai kwafe ya sami 17 ba tare da an ce masa uffan ba, an zalunce su, an kuma koya musu cewa wahala wauta ce. Tausayi kaɗai ba zai raba wannan gardama ba. Sai ya ajiye lambar 46 gefe, ya ɗauki sakin layin huɗu ɗaya bayan ɗaya, kowanne da shari'arsa.

Na ɗaya ma'anar adana amfanin gona ce da dalilan yin ta. Kafin ya tambayi kowa, ya buɗe handawut ɗin da shi kansa ya raba a mako na biyu. Jimloli uku daga cikin huɗun suna nan, kalma da kalma, sai wuri ɗaya da ta musanya kalma da 'yar'uwarta, irin musayar da mai kawo hadda yake yi. Wannan alama ce mai raba labari, domin na'ura ba ta taɓa ganin handawut ɗinsa ba. Akwai aibi a nan, tun da ta ɗauko maganar wani ba ta faɗi mai ita ba, amma aibin na rashin sanin ƙa'idar ambaton tushe ne, kuma maganinsa koyarwa. Binciken bai ci masa minti goma ba, ya kuma cire kashi ɗaya cikin huɗu na zargin.

Na biyar ya fi ban mamaki. Yana bayanin buhun nan mai ruɓi uku da aka sani da PICS, wanda masu bincike na jami'ar Purdue suka ƙirƙiro aka kuma yaɗa shi a Afirka ta Yamma tun daga 2007: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Turancin ba shi da aibi, kuma abin da ke ciki na mai gani da ido ne. An faɗi yadda ake matse iska, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora buhun a kan katako nesa da bango saboda ɓera. Amma a tsakiyar wannan Turanci mai kyau akwai jimla guda da ke cewa farashin wake yakan faɗi tare da mahaifiyar uwa. Malamin ya karanta sau biyu, sannan ya mayar da jimlar Hausa a zuciyarsa: farashin wake yakan faɗi da kaka. Na'urar da aka ce ta ƙirƙiro bayani da Turanci daga farko ba ta da hanyar yin wannan kuskure. Ɗalibar ma ba za ta yi shi ba, domin ta san kakar girbi ta san kakarta. Mai yin sa shi ne na'urar fassara da aka ba rubutun Hausa. Kuskuren da kansa ya zama shaidar cewa a ƙarƙashin Turancin akwai Hausar wani mutum da ya san abin da yake faɗi.

Na bakwai shi ne mai manazarta biyun, da wani adadi na asarar da ƙwari ke jawowa. A nan akwai abin da za a iya tabbatarwa ba tare da dogaro da jin zuciya ba. Malamin ya nemi maƙala ta farko. Mujallar da aka ambata tana nan, amma da ya buɗe fitowar da aka ce, shafukan suna ɗauke da wata maƙala dabam, ta wasu marubuta dabam. Ta biyun ko mujallar bai samu ba. Ƙirƙiro manazarta masu kama da gaske sananniyar ɗabi'a ce ta waɗannan na'urori, har a Yunin 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da ba su taɓa wanzuwa ba, waɗanda ChatGPT ya samar. Wannan alama tana da nauyi, domin wanda ya karanta maƙala da idonsa ba zai kawo wadda babu ita ba. Duk da haka malamin ya lura da iyakarta. Ta tabbatar da cewa ba a karanta manazartan ba. Ba ta faɗi hannun da ya shigar da su ba.

Na takwas kammalawa ce, jimloli biyar masu kyau da ba su ce komai ba: adana abinci yana da muhimmanci, ya kamata gwamnati da manoma su haɗa kai. Ba ya cikin handawut, babu kuskuren fassara, babu abin da za a bincika. Irin wannan na'ura takan rubuta shi, ɗalibin da aka horar da rubutun jarrabawar WAEC ma yakan rubuta shi.

Sai da ya gama wannan duka sannan ya kira ta, ya kuma roƙi wata malama ta zauna da su. Bai fara da zargi ba, bai kuma nuna mata lambar manhajar ba, domin wanda aka fara nuna wa hukunci yakan daina bayani ya koma kare kai. Ya yi mata tambayoyin da Hausa, tun da abin da yake son sani shi ne ko tunanin nata ne, kuma darasin na aikin gona ne.

"Ɗiyata, me ke kashe ƙwaron da ke cikin buhun nan, tun da ba a sa magani ba?"

Ta daɗe kanta a sunkuye. Malamar da ke gefe ta san wannan shirun, shi ma ya san shi. Yarinyar da aka yi wa tarbiyyar kada ta haɗa ido da babba ba za ta canza ba don an kira ta ofis, kuma mai gaskiya da mai laifi duk haka za su sunkuyar da kai. Shirun ma bai raba labari ba.

"Allah shi gafarta Malam, iskar ciki suke shanyewa, in ta ƙare sai su daina ci, su mutu. Shi ya sa Baba ba ya bari a buɗe sai ranar da za a kai kasuwa. Akwai shekarar da ɓera ya huda guda, wannan kam ya zama gari."

Babu labarin ɓeran da ya huda buhu a cikin rahoton. Amsar ta wuce abin da ke takarda, kuma wannan ita ce alamar mallaka: mai abu yana da ragowar da bai rubuta ba, mai aro kuwa iyakarsa bakin jimlar. Da ya tambaye ta yadda sakin layin ya zama Turanci, ta fito da littafin rubutunta. Bayanin yana nan da Hausa, da biro, har da jimlar kaka. Ta ce ta ga bayanin ya fi ƙarfin Turancinta, sai ta buga shi a waya ta fassara.

Da aka zo na bakwai, ba ta iya faɗin abin da ko ɗaya daga maƙalun ya ƙunsa ba. Ta ce ba ta san inda ake samun manazarta ba, ta faɗa wa yaron shagon da ya buga mata aikin, shi kuma ya ce ta bar masa. Wannan labari yana iya zama gaskiya, domin haka na faruwa. Yana kuma iya zama mafaka, domin yaron shago ba ya nan balle ya musa. Littafin rubutunta ba shi da wannan sakin layin, amma rashinsa ya dace da labaran biyu. Malamin ya ga cewa ba zai taɓa sanin wanda ya danna wayar ba, sai kuma ya ga cewa ba ya bukatar sani. Abin da ya tabbata, wanda ita ma ta amsa da bakinta, shi ne ta miƙa a ƙarƙashin sunanta manazartan da ba ta karanta ba, da adadin da ba ta san asalinsa ba. Wannan laifi ne tsayayye ko da babu na'ura a duniya. A kansa ya gina hukuncinsa.

Ya soke na bakwai gaba ɗaya, tare da maki 5 da aka ware wa manazarta, ya rubuta mata gargaɗi ya ajiye kwafi, domin idan abin ya maimaitu ya zama akwai tarihi. Na ɗaya ya rage masa maki saboda rashin ambaton tushe, ya kuma nuna mata yadda ake yi. Na biyar ya ba shi makinsa, domin umarnin da ya ba ajin bai ce komai a kan fassarar waya ba, kuma ba a hukunta mutum da dokar da ba a shimfiɗa ba. Da darasin Turanci ne, inda harshen kansa ake aunawa, da lissafin ya canza. Na takwas kuwa, wanda shakka ba ta rabu da shi ba, bai hukunta shi a matsayin na na'ura ba. Ya auna shi a kan abin da ya ƙunsa, kuma da yake bai ambaci Moriki ko wake ko buhu ba, maki kaɗan ya samu. Jimilla ta tashi 10 cikin 20.

Akwai hikima a wannan mataki na ƙarshe da ta cancanci a tsaya a kanta. Sakin layin da ya fi jawo zargi sau da yawa shi ne wanda ya fi kowane fanko. Idan tsarin rabon maki yana saka wa bayani na musamman, wanda ya fito daga gari da gona da kasuwa, to fankon rubutu zai faɗi da kansa, ko wa ya rubuta shi. Malami ba ya bukatar ya rantse a kan abin da bai gani ba kafin ya hana shi maki.

Hanyar tana da iyakoki. Tana cin lokaci, kuma malamin da ke da ɗalibai ɗaruruwa ba zai yi wa kowace takarda haka ba. Abin da zai iya shi ne ya fara da binciken da ba ya bukatar ɗalibi, wato handawut da manazarta, ya kira waɗanda aka sami abin riƙewa a takardunsu kawai. Ganawar baki ma tana iya yaudara, domin mai wayo yana iya haddace abin da na'ura ta ba shi, mai gaskiya kuma tsoro yana iya ɗaure masa harshe. Shi ya sa tambayar da ta fi amfani ita ce wadda amsarta ba ta cikin takardar. Kwatanta aikin gida da gwajin aji shi ma sai da hattara, tun da wanda aka ba mako biyu da ƙamus dole ya fi wanda aka ba minti arba'in. Neman tarihin gyare-gyare na kwamfuta, wanda makarantun ƙasashen waje ke dogaro da shi, ba zai yi adalci ga wanda ya rubuta da biro ya kai shago ba. A nan littafin rubutu shi ne tarihin, kuma yana da kyau a gaya wa ɗalibai tun ranar farko su adana shi. Akwai kuma abin da ba shi da amfani sam, wato a liƙa wa ChatGPT rubutu a nemi ya faɗi ko shi ya yi. Ba shi da rumbun da zai duba ya tabbatar. Wani malami a wata jami'ar Texas ya yi haka a Mayun 2023, ya zargi ɗaliban ajinsa da yawa, abin ya zama labari a duniya.

Haɗari mafi ɓoyuwa yana cikin zuciyar mai gyara. Santsin Turanci ba ya tayar da zargi daidai a kan kowa. Idan ya fito daga ɗan ma'aikacin da ya yi makarantar kuɗi a Gusau, sai a ce yaron yana da ƙoƙari. Idan ya fito daga 'yar manomin Moriki, sai a ce daga ina. Malamin da bai lura da wannan ba zai wayi gari yana hukunta ɗalibi saboda ya ci gaba, alhali ci gaban shi ne abin da aka ɗauke shi aiki ya samar. Mai koyon harshe ba ya hawa daidai kamar ruwa a kwano. Yakan ƙware a ma'anoni kafin ya ƙware a bayani, yakan rubuta jimla ɗaya mai kyau tsakanin biyar masu rauni. Rashin daidaiton murya, a shekarar farko ta babbar makaranta, shi ne kamannin koyo.

Gwajin da malami zai yi wa kansa mai sauƙi ne. Ya rufe sunan da ke saman takardar, ya cire lambar manhajar, sannan ya rubuta a jimla ɗaya abin da zai iya nunawa da yatsa a gaban ɗalibin da mahaifinsa da kwamiti: wannan maƙala babu ita, wannan jimla tana shafi kaza na handawut, wannan tambaya an yi ta ba a amsa ba. Abin da ya shiga jimlar shi ake hukunci da shi, gwargwadon girmansa. Abin da ya kasa shiga, komai ƙarfinsa a zuciya, sai ya koma cikin shirin aiki na gaba: a sa a rubuta sashe ɗaya a aji, a faɗi a fili ko an yarda da fassarar waya da yadda za a bayyana ta, a kuma ware awa guda a nuna wa 'yan shekarar farko inda ake samun maƙala ta gaske kafin a ce su kawo biyu.